Ciniki na tafiya, kuɗin sari na gazawa: ina kuɗin suke shiga?

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Funtua, daga Kasuwar Singa ta Kano nake saro kaya. Alhamdu lillahi ciniki na tafiya, akwai ranar da nake sayar da kayan N300,000 ko fiye, kuma babu buhu ko katan ɗin da ba na ɗora riba a kansa. Amma duk sanda zan koma sari sai kuɗi su gaza, har dila ya fara nemana a waya. Ɗan yayata ne yake tsare min shago, zuciyata ta fara zarginsa, wasu kuma suna ce min baki ne ya kama dukiyar. In sallame shi ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema.

Abu na farko da nake roƙonka, ka riƙe bakinka a kan yaron nan na wata guda. Kada ka faɗa wa yayarka, kada ka faɗa wa maiɗakinka, kada kuma ka sauya masa fuska. Kalmar sata idan ta fita a cikin dangi ba ta komawa, kuma Allah ya gargaɗe mu a Suratul Hujurat, aya ta 12, cewa wani sashe na zato zunubi ne. Ban ce ba a sata a shago ba, ana yi, kuma akwai hanyar gane ta da za mu zo kanta. Addu'a ma ka riƙe ta, ba ta faɗuwa ƙasa banza. Sai dai abin da ya fi cinye kuɗin mai ciniki irinka abu ne da yake faruwa da rana tsaka, da hannun mai shagon, kuma da yardarsa.

Akwai wani mai shago a Kano, zan sakaya sunansa, da ya shiga irin wannan hali. Shinkafa, sukari, taliya, man girki da sabulu yake sayarwa, rabi ga masu saye ɗai-ɗai, rabi ga masu ƙananan shagunan unguwa da masu tebur da mata masu sayar da abinci. A farkon wani wata yana da N1,000,000 tsakanin durowa da banki. A cikin watan ya yi cinikin N9,000,000, abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shago. Da wata ya ƙare ya tashi zuwa sari, ya haɗa na durowa da na banki, sai ya tarar da N170,000 kacal. Ya sake ƙirgawa, ya duba waya, ya zazzage durowa har ƙasa. A daren nan bai yi barci ba, washegari ya karɓe mukullai daga hannun yaransa biyu.

Wani dattijo maƙwabcin shagonsa, wanda ya daɗe a harkar, shi ya zaunar da shi bayan la'asar ya ce a kawo littafi da rasitan dila da biro. Tambayar farko da ya yi masa ita ce, kayan nan da ka sayar miliyan 9, nawa ka saro su? Suka bi rasit ɗaya bayan ɗaya, suka samu N8,300,000. Ke nan abin da ya ɗora a kai N700,000 ne. Daga nan suka cire abin da shago ya ci a watan: albashin yara da abincinsu, kuɗin mota da 'yan dako, man janareta, leda, kuɗin da ake karɓa a kasuwa, da abin da banki da na'urar cirar kuɗi suke yanka, duka N220,000. Hayar shago N360,000 ce a shekara, rabon wata ɗaya N30,000. Da aka cire waɗannan, sai N450,000 ta rage. Dattijon ya ja layi a ƙarƙashinta ya ce, wannan ce ribarka, kuma riba ce mai kyau, ba ka faɗi ba.

Nan ne ran mutumin ya ƙara ɓaci. In dai na fara da miliyan ɗaya, in ji shi, na kuma ci ribar dubu 450, ai N1,450,000 ya kamata in gani. Ina sauran?

Ka lura da wannan wuri da kyau ƙanena, domin a nan yawancin 'yan kasuwa suke yin tuntuɓe. Riba ana samunta ne a lokacin da kaya suka bar hannunka a farashin da ya ɗara na sari, ko an biya ko ba a biya ba. Kuɗin hannu kuwa sai wanda ya shigo durowa ko asusu ya kuma zauna. Lissafi biyu ne daban, kowanne da hanyarsa, kuma dila ba ya karɓar na farkon. Idan ka je Singa, abin da za a tambaye ka shi ne nawa ka zo da shi.

Dattijon ya ce a buɗe littafin bashi. A farkon watan ana riƙe wa mutumin N500,000 a waje. A cikin watan ya ba da sabon bashi na N1,200,000, aka biya shi N300,000 daga tsohon. Yanzu N1,400,000 ke hannun mutane. Wato bashin da yake bi ya ƙaru da N900,000 a wata ɗaya, ninki biyu na ribarsa gaba ɗaya. Kowane katan da aka ɗauka da “rubuta min, ranar Juma'a zan kawo” ya shiga lissafin ciniki, ya faranta masa rai da yamma, amma ko kwabo bai shiga durowa ba. Kuma abin da ya sa cinikinsa ya haura miliyan 9 a watan shi ne wannan sakin hannun. Masu tebur sun ji labarin akwai mai ba da kaya a biya daga baya, suka yi ta zuwa, suna kawo 'yan'uwansu. Ciniki ya ƙaru, kuɗi suka ragu, kuma dalilinsu ɗaya ne.

Ina so ka tsaya a kan bashi kaɗan, don ina kyautata zaton a nan mafi yawan kuɗinka suke kwance. Sana'ar kayan masarufi ba ta tafiya sai da shi, na sani. Mai abincin da take ɗaukar buhun shinkafa ta biya bayan ta sayar, ita ce kwastomar da za ta shekara goma tana zuwa wurinka. Amma ka duba yadda ribar wannan sana'a take da siriri. A ce ka saro buhu N60,000 ka sayar N63,000. Idan mutum ɗaya ya tafi da buhu ɗaya bai dawo ba, sai ka sayar da buhu 20 kafin ka mayar da uwar kuɗin wancan guda ɗayan, ba a ma yi maganar dako da kuɗin mota ba. Ko da kowa zai biya, jinkirin kaɗai ya isa ya shaƙe ka. Dila ya ba ka kaya a kan mako biyu, kai kuma ka ba mai tebur yana biya bayan mako huɗu, ga kwanakin da kayan suka yi a shago kafin a ɗauka. Tsakanin ranar da dila zai kira ka da ranar da mai tebur zai biya ka akwai rami, kuma da kuɗin aljihunka kake cike shi. Duk sanda ciniki irin wannan ya ƙaru, ramin ƙara faɗi yake yi. Shi ya sa za ka ga mutum kasuwa ta buɗe masa amma ya fi shiga matsi fiye da lokacin da yake ɗan ƙaramin cinikinsa na hannu da hannu.

Bayan bashi, dattijon ya tashi tsaye ya ce su shiga sito. A farkon wata kayan da ke shago, a farashin sari, na N4,000,000 ne. Mutumin ya sayar da kayan N8,300,000 amma ya saro na N8,800,000, saboda haka kayan da ke ajiye sun zama na N4,500,000. Ga wata N500,000 nan a jere har rufi. Wani ɓangare kaya ne masu gudu da za su fita cikin mako, ba damuwa. Amma a can ƙuryar sito akwai katan 40 na wani sabon lemon kwalba da wani ɗan talla ya lallashe shi ya ɗauka saboda an yi masa ragi, an sayar da shida, sauran ƙura ta rufe ledarsu har ana iya rubutu a kai da yatsa. Akwai wani sabulun wanki da mata suka daina tambaya tun bara. Dattijon ya dafa katan ɗin ya ce masa, ga kuɗinka nan da kake nema a aljihun yara. Kwantai ba ya fitowa a lissafin riba a matsayin asara sai ranar da ya lalace ko ka karyar da shi, amma tun ranar da ka biya kuɗinsa ya fita daga hannunka.

Haya ba ta ɗauke su lokaci ba. A watan ne wa'adin shago ya cika, ya biya N360,000 ta shekara a dunƙule. Lissafin riba ya ɗauki N30,000 kawai, ragowar N330,000 ta watanni 11 masu zuwa ce, amma durowa ta biya duka yau.

Sai aka zo kan gida, wurin da mutumin ya fi musu. Ya rantse ba ya ɗaukar fiye da N5,000 na cefane a rana, wato N150,000 a wata. Dattijon ya ce ya buɗe wayarsa su bi saƙonnin banki. Ga kuɗin makarantar yara, ga maganin mahaifiya, ga gudummawar bikin ƙanwar matarsa, ga gyaran babur, ga dubu biyu nan dubu biyar can ga masu zuwa gaisuwa. Da aka tara, N350,000 ce. Babu ko ɗaya a ciki da yake almubazzaranci, duk haƙƙi ne da zumunci. Matsalar ita ce asusun da kwastomomi suke turo kuɗin kaya shi ne dai asusun da yake biyan hidimar gida da shi. Wannan ya zama ruwan dare tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma tiransifa, kowa ya manna lambar asusunsa na kansa a ƙofar shago. A da mutum yana jin nauyin zura hannu a durowa a gaban yaransa. Yanzu yana kwance a gida zai danna waya, uwar kuɗi ta fita ba wanda ya gani, har shi kansa.

Yanzu tara su: N900,000 a hannun mutane, N500,000 a sito, N330,000 a wurin wanda ya ba shi hayar shago, N350,000 a gida. Jimla N2,080,000. Abin da ya kamata ya gani kuwa N1,450,000 ne. Ke nan ya kashe fiye da abin da yake da shi da N630,000. To daga ina ya samo cikon, har ma N170,000 ta rage? Daga dila. A farkon wata dila yana binsa N1,000,000, a ƙarshen wata yana binsa N1,800,000. Ƙarin N800,000 ɗin nan shi ya toshe giɓin, canjinsa ne ya rage a durowa. Lissafi ya rufe har kwabo, babu abin da ya ɓata, kuma ɗan abin da yake riƙe da shi ma na dila ne. Mutumin ya mayar wa yaransa mukullai a ranar, amma ɗaya daga cikinsu bai ƙara wata biyu a shagon ba, don zuciyarsa ta riga ta sosu.

Wannan na ƙarshen, kuɗin dila, shi na fi ji maka tsoro, domin yana ruɗi ta ɗaya ɓangaren. Akwai watan da za ka ga asusu ya cika, ka ce kasuwa ta yi kyau, ka sayi fili ko ka sauya babur, alhali abin da ya faru kawai shi ne ka sayar da kayan mutane ba ka kai musu kuɗinsu ba tukuna. Kamar yadda rashin kuɗi a hannu ba ya nufin faɗuwa, haka yawansu ba ya nufin riba.

Akwai kuma wata hanya da nake so ka bincika, wadda labarin mutumin nan bai taɓo ba: mai yiwuwa ribar da kake ɗorawa tashin farashi yana lashe ta kafin ka koma kasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a watan Yuni, farashi ya yi ta gudu, har hauhawarsa ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024 a ƙididdigar hukuma. A irin wannan yanayi ga abin da ke faruwa. Ka saro buhu 50 a kan N60,000, ka biya N3,000,000. Ka sayar da su duka a N63,000, kuɗi hannu, ka tara N3,150,000. A takarda ka ci N150,000. Ka isa Singa ka tarar buhu ya koma N65,000. Kuɗinka gaba ɗaya, uwa da riba, buhu 48 za su saya maka, da canjin N30,000. Ka yi wahalar mako biyu ka dawo da ƙasa da abin da ka fara da shi, kuma idan ka riga ka ci ribar nan a gida, buhu 46 za ka ɗauko. Don haka ka riƙa auna jarinka da buhu da katan da jarka, kada ka tsaya a naira kaɗai. Kafin ka faɗi farashi da safe, ka kira kasuwa ka ji nawa ake sari yau, ka ɗora ribarka a kan wannan. Idan farashi ya juyo ƙasa kuma, wanda ya cika sito shi ke kuka, sai ka rage yawan abin da kake ajiyewa.

To yaya za ka gano naka? Ka zaɓi rana, gara Juma'a da safe ko daren da ka rufe da wuri, ka yi ƙirga huɗu. Kuɗin da ke durowa da banki da na'ura. Kayan da ke shago da sito, kowanne a farashin sari, ka ware kwantai gefe ka ba shi farashin da za a iya sayensa yau da gaske. Bashin da kake bi, suna bayan suna, da ranar da aka ɗauka. Sai bashin da ake binka, na dila da na duk wanda ya ba ka ajiya ko rance. Ka haɗa ukun farko ka cire na huɗun, abin da ya rage shi ne dukiyarka a shagon. Wannan ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, kusan shi ne wanda malamanmu na Malikiyya suke koya wa ɗan kasuwa mai juya kaya idan shekarar zakka ta zagayo: ya ƙiyasta kayansa, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya. Sai dai kai za ka riƙa yi duk wata.

Bayan kwana 30 ka sake ƙirgawa, kuma a tsakani ka rubuta duk abin da ya tafi gida, kuɗi ne ko kaya. Idan dukiyar ta ƙaru, ko kuma abin da ka kai gida ya fi abin da ta ragu da shi, to shagon yana cin riba, sai ka duba a cikin huɗun nan wanne ya kumbura, can kuɗinka suke. A wurin mutumin Kano, ya fara wata da dukiyar N4,500,000 ya ƙare da N4,600,000 idan an haɗa da hayar da ya biya gaba: ribar dubu 450, an ci dubu 350 a gida, dubu 100 ta zauna. Idan kuwa ka ga dukiyar ta ragu fiye da abin da ka ɗauka, to ko dai farashinka bai rufe hidimar shago ba, ko kaya suna zurarewa.

A nan ne za a gwada maganar sata, kuma kaya ake tambaya, ba a tambayar fuskar yaro. Ka ɗauki kaya biyar mafi tsada da gudu, misali shinkafa, sukari, man girki, madara da taliya. Ka ƙirga su da safe kai da shi tare, ka ce masa tsari ne sabo na shago, kuma gaskiya ka faɗa. Abin da aka kwana da shi, a haɗa da abin da aka sauke daga mota, a cire abin da aka sayar ko aka ba da bashi ko aka kai gida, dole ya yi daidai da abin da ke nan da yamma. Kuɗin ranar ma haka: cinikin da aka rubuta, a haɗa da kuɗin da aka kwana da su a durowa da tsohon bashin da aka biya, a cire na bashi da abin da aka kashe daga durowa, dole ya yi daidai da na durowa da wanda ya shiga asusu. Ka duba asusun kansa, kada ka yarda da hoton rasit a wayar kwastoma, don tiransifar bogi ta cuci masu shago da yawa kuma yaro ake ɗora wa laifin. Idan an yi mako biyu lissafi yana rufewa, ka wanke shi a zuciyarka ka nemi gafarar Allah a kan zaton. Idan giɓi yana fitowa a kai a kai, kuma a ranakun da ba ka nan, sai ka zaunar da shi kai da shi da littafi a gabanku, kafin kowa ya ji. Ka kuma tambayi kanka ko ka yanka masa albashi sananne. Da yawa muna ajiye ɗan'uwa a shago shekara da shekaru a kan “ai na gida ne”, ba albashi, ba ranar sallama, sannan mu yi mamaki idan ya ɗauki na kati da na aski.

Gyaran kansa ba ya buƙatar akawu. Ka buɗe asusu na shago daban, lambarsa kaɗai za a manna a ƙofa. Ka yanka wa kanka albashi da bai kai ribar wata ba, ka tura shi asusunka sau ɗaya a mako, hidimar gida ta tsaya a cikinsa. Mudun sukarin da za a kai gida ma a rubuta shi a farashinsa. Zai yi maka nauyi a farko ka rubuta abin da kake gani naka ne, amma in ba a rubuta ba, shi ne zai fito a matsayin giɓi a wuyan yaron. Haya kuwa ka riƙa ware rabonta kowane wata, don kada ta faɗo maka a dunƙule a tsakiyar lokacin sari.

Bashi ka yi masa iyaka biyu. Ta farko ga kowane mutum: ba sabon kaya sai an biya na baya, kuma a rubuta ranar biya a gabansa ya gani. Kada ka ji kunyar rubutun, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajali sananne. Ta biyu ga shagon gaba ɗaya: ka sa adadin da jimlar bashin waje ba za ta wuce ba, gwargwadon abin da za ka iya jira ba tare da ka taɓa kuɗin dila ba. Idan an kai iyakar, sai wani ya biya kafin wani ya ɗauka. Tsohon littafin kuma ka raba shi uku: wanda bai wuce wata ba, wanda ya wuce wata, da wanda ya wuce wata uku. Na tsakiyar nan za ka fi bi da ƙafa, ka karɓi ko dubu biyu-biyu ne a kullum daga mai tebur, domin shi ne yake gab da zama na ukun. Na ukun ka ci gaba da nema cikin mutunci, wanda yake cikin ƙunci na gaske ka saurara masa, amma ka daina lissafa shi a cikin kuɗin da za ka je sari da su. Cinikinka zai ɗan ragu, wasu za su yi fushi su koma wani shago. Ka bar su, waɗanda za su fara tafiya galibi su ne masu wuyar biya.

Kwantai ka karyar da shi ko a kan uwar kuɗi, ko ƙasa da haka kaɗan, tun kafin wa'adin da ke jikin katan ya matso. N90,000 da za ta juya sau biyu a wata a kan sukari ta fi N100,000 da ke kwance a ƙurya.

Dila kuma kada ka jira ya sake kira. Da zarar ka gama ƙirgar farko, ka shiga mota ka je Singa ka same shi ido da ido, da takardarka a hannu. Ka faɗa masa nawa yake binka kafin shi ya faɗa, ka nuna masa abin da ke waje da abin da ke sito, ka ce za ka riƙa kawo kaza duk mako a kan tsohon bashi, kuma ka faɗi adadin da ka tabbata ba za ka saɓa ba ko da ya yi kaɗan. Sabon kaya ka ɗauki wanda zai ƙare kafin ranar biyansa kawai, ko da hakan zai sa ka riƙa zuwa Kano sau biyu a maimakon sau ɗaya da rabin lodi. Kuɗin mota zai ɗan ƙaru, ka lissafa shi a cikin farashi. Idan ka yi ƙirga ta biyu bayan wata, ka rubuto min adadin nan huɗu na farko da na biyu da abin da ya tafi gida, mu duba tare.